Keɓaɓɓen Haraji: Abin Da Harajin Ilimi Ya Koyar

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga cikin wata jami'ar gwamnati a Nijeriya, da wuya ya fita bai ci karo da ginin da aka manna wa allo mai ɗauke da sunan TETFund ba. Wani zauren lacca ne, wani ɗakin karatu, wani kuwa ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibai da yawa sun saba da sunan, har sukan yi kwatance da shi, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi daga inda kuɗin ya fito. Amsar ita ce daga wani haraji da doka ta ɗora a kan ribar kamfanoni, ta kuma haramta a kashe shi a kan komai in ba manyan makarantu ba. Irin wannan shi ake kira keɓaɓɓen haraji.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna jayayya a kan wannan tsari. Wasu suna ganin shi ne hanyar da za a kare muhimman ayyuka daga son zuciyar masu mulki, wasu kuwa suna ganin ɗaure hannun gwamnati ne kawai, tare da ruɗin jama'a. Wannan maƙala za ta auna hujjojin ɓangarorin biyu a kan ma'aunin harajin ilimi na Nijeriya. Matsayin da za ta kare shi ne: harajin ya cancanci a bar shi, amma ba don dalilin da masu yabonsa suka fi ambatawa ba, kuma ba tare da sharuɗɗa ba.

Ma'anar Keɓaɓɓen Haraji

A ƙa'idar kasafin kuɗi ta zamani, duk abin da gwamnati ta tara yakan shiga baitulmali guda. Daga nan sai majalisa ta zauna kowace shekara ta raba shi gwargwadon buƙatun da ta ga sun fi matsa wa ƙasa. Sashe na 80 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi wannan babban asusu ga tarayya, amma ya bar ƙofa a buɗe ga kuɗin da wata doka ta ce a zuba a wani asusu na musamman. Ta wannan ƙofa keɓaɓɓen haraji yake shigowa. Tun kafin a karɓe shi an riga an san inda zai tafi, saboda haka ba ya shiga layin neman rabo tare da sauran ma'aikatu.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Zakka dukiya ce da ake karɓa, amma an iyakance waɗanda za a ba su zuwa jinsi takwas, kuma mai mulki ba shi da ikon karkatar da ita zuwa wani waje don ya ga dama. A harkar gida ma akwai irinsa. Magidancin da ya ware buhu biyu na gero tun da kaka ya ce na iri ne, ya hana kowa taɓa su ko da bazara ta yi tsanani, keɓewa ya yi. Ya san kansa, ya san cewa in ya bar su cikin rumbu tare da na ci, to ba za su ga damina ba.

Sai dai ya kamata a rarrabe iri biyu. Akwai keɓewar da mai biya shi ne mai amfana, kamar harajin man fetur da ake gyaran hanya da shi: wanda ya fi bin hanya shi ya fi sayen mai, shi ya fi biya. Akwai kuma keɓewar da babu igiya mai ƙarfi tsakanin mai biya da mai amfana. Harajin ilimi yana cikin iri na biyu. Kamfanin siminti ba ya biya gwargwadon yawan injiniyoyin da ya ɗauka daga jami'a, yana biya ne gwargwadon ribarsa. Wannan bambanci zai yi amfani nan gaba.

Yadda Harajin Ilimi Ya Samo Asali

A ƙarshen shekarun 1980 jami'o'in Nijeriya sun shiga mawuyacin hali. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube. Littattafai da kayan gwaje-gwaje da ake sayowa daga waje suka gagari saye, malamai da dama suka bar ƙasar. A 1992 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega, ta shiga yajin aiki, har gwamnati ta haramta ta. Duk da haka an cim ma yarjejeniya a watan Satumba na wannan shekara, kuma daga cikin abin da malaman suka kawo akwai shawarar a ɗora wa kamfanoni wani haraji domin ilimi.

Doka ta 7 ta shekarar 1993 ita ta tabbatar da wannan shawara. Ta ɗora kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanonin da aka yi wa rajista a Nijeriya, ta kuma kafa asusun da za a zuba kuɗin. Sai bayan gyaran da aka yi wa dokar a 1998 aikin asusun ya kankama. A wancan lokaci ana raba kuɗin ne tsakanin dukkan matakan ilimi, tun daga firamare har jami'a. Da aka ga kuɗin yana watsewa ba tare da ya yi tasiri a ko'ina ba, ga shi kuma an samar wa ilimin matakin farko nasa tanadin a dokar 2004, sai aka yi sabuwar doka a 2011 wadda ta kafa TETFund, ta taƙaita kuɗin ga manyan makarantun gwamnatin tarayya da na jihohi. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan zuwa kashi 3 a ta 2023.

Domin a ga yadda lissafin yake, a ɗauki misalin kamfanin da hukumar haraji ta tantance ribarsa a kan naira miliyan 100. Wannan riba ana lissafa ta ne kafin a cire rangwamen da ake yi wa kamfani saboda injuna da gine-ginensa. A ƙarƙashin kashi 2, kamfanin zai biya naira miliyan 2, a ƙarƙashin kashi 3 kuwa miliyan 3, ban da harajin kamfani da ya saba biya. Dokar 2011 ta ce a raba abin da aka tara kashi huɗu: biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Wato daga miliyan 3 ɗin nan, in aka ajiye batun kuɗin gudanarwa a gefe, jami'o'i za su sami miliyan 1.5, sauran biyun kowanne naira dubu 750. Dokar ta kuma lissafa abin da za a yi da kuɗin: gine-ginen koyarwa, kayan aiki, bincike da wallafa, da ƙaro ilimin malamai. Albashi ba ya ciki.

Hujjojin Masu Goyon Baya

Hujja ta farko ita ce yardar mai biya. Mutum ya fi sakin kuɗinsa in ya san abin da za a yi da shi. Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, James Buchanan, ya kare wannan ra'ayi a wata maƙala da ya buga a 1963. A ganinsa, kasafin da aka cakuɗa komai a cikinsa tamkar tilasta wa mai saye ne ya ɗauki kaya a ƙunshe, alhali keɓewa tana ba ɗan ƙasa damar auna kowane aiki da kuɗinsa. Tarihin ƙasar Hausa ya nuna abin da kan faru in wannan yarda ta ɓace. Haraji da jangali sun zama abin ƙyama ga talaka, ba don nauyinsu kaɗai ba, har da cewa mai biya yana ganin dogari da rasit amma ba ya ganin rijiya ko asibiti. Shi ya sa soke su da gwamnatocin jam'iyyar PRP suka yi a jihohin Kano da Kaduna a 1979 ya sami karɓuwa sosai. Allon da ake mannawa a jikin ginin jami'a, komai ƙanƙantarsa, amsa ce ga wannan tsohon ƙorafi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce kariya daga halin kasafin shekara-shekara. A duk lokacin da kuɗi ya yi wa gwamnati ƙaranci, ba albashi take fara yankewa ba, domin ma'aikata za su tayar da ƙura, ba kuma biyan bashi ba, domin masu bin bashi ba sa jira. Abin da ke shan wuƙa shi ne kuɗin ayyukan raya ƙasa, musamman waɗanda amfaninsu ba ya bayyana sai bayan shekaru. Ɗakin gwaji ba ya zanga-zanga, littafin da ba a saya ba kuma ba ya kai ƙara. Malamin da za a tura neman digiri na uku yana buƙatar tabbacin kuɗi na shekara uku ko huɗu, ginin zauren lacca ma yakan haura shekara guda. Kasafin da ake amincewa da shi a takarda amma a saki rabinsa ba zai iya ɗaukar irin wannan alkawari ba. Keɓaɓɓen asusu yana iya ɗauka, domin kuɗin da ya rage a ƙarshen shekara ba ya komawa baitulmali.

A nan ne harajin ilimi ya fi samun gaskiya. Duk wanda ya kwatanta gine-ginen da asusun ya yi a jami'o'in jihohi da waɗanda gwamnatocin da suka kafa su suka yi, gani ya kori ji. Haka kuma malamai masu yawa da ke koyarwa da digiri na biyu da na uku sun samo su ne da kuɗin wannan asusu.

Hujjojin Masu Suka

Suka ta farko ita ce mafi wuyar ganewa, kuma ita ce mafi haɗari. Kuɗi ba shi da tambari. Naira ɗaya da ta fito daga keɓaɓɓen asusu daidai take da wadda ta fito daga baitulmali, saboda haka mai rabon kasafi yana iya janye hannunsa gwargwadon abin da asusun ya kawo. A ƙaddara wata jiha ta saba ba jami'arta naira miliyan 500 a shekara domin gine-gine da kayan aiki. Sai asusun ya fara kawo miliyan 300. In jihar ta ci gaba da bayar da nata, jami'a ta sami miliyan 800, harajin ya yi aikinsa. In kuwa kwamishinan kuɗi ya duba ya ce ai jami'a ta sami mai taimako, ya rage nasa zuwa miliyan 200, to jami'a tana nan a kan miliyan 500 ɗinta. Miliyan 300 da aka karɓa da sunan ilimi, a haƙiƙa sun tafi wajen duk abin da jihar ta kashe rarar da ta samu a kai, ko hanya ce ko motocin manya. Ba a karya doka ko ɗaya ba, allon yana nan a jikin gini, amma an gudu ba a tsira ba.

Ta yaya za a gane haka ta faru? Ba ta hanyar ƙirga gine-gine ba. Sai an ɗauko kasafin mai makarantar na shekaru da dama kafin asusun ya shigo da bayan shigowarsa, a duba abin da aka saki a zahiri ba abin da aka rubuta ba, a cire tasirin hauhawar farashi, sannan a raba da yawan ɗalibai. In wannan adadi yana sauka a daidai lokacin da na asusun ke hawa, to musanya ake yi, ba ƙari ba. Akwai kuma alamar da ido ke iya gani: makarantar da kusan duk sabon ginin da ke cikinta na asusun ne. Masu yabo sukan nuna wannan a matsayin nasara, alhali yana iya zama shaidar cewa uban ɗa ya bar wa maƙwabci ciyar da ɗansa. An kafa asusun ne domin ya zama ɗori a kan abin da gwamnati ke bayarwa, ba domin ya zama tuwon ba.

Suka ta biyu ta shafi rashin dangantaka tsakanin abin da haraji ke kawowa da abin da aiki ke buƙata. Ribar kamfanoni tana hawa tana sauka tare da farashin man fetur da yanayin kasuwa. Buƙatar jami'a kuwa tana bin yawan ɗalibai ne, wanda ba ya raguwa don tattalin arziki ya karye kamar yadda ya faru a 2016 da 2020. Ko lokacin da adadin ya yi tsalle, ba lalle ne ya zama ci gaba ba. A 2024 kason kowace jami'a ya kai kimanin naira biliyan 1.9, daga biliyan ɗaya da ɗoriya a 2023. Amma a tsakanin wannan lokaci dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,400. Na'urar gwaji da kuɗin makarantar waje da dala ake biyansu, shi ya sa kuɗin da ya kusa ninkawa a takarda ya sayi abin da bai kai na baya ba. A ƙarshen 2024 asusun ya sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje.

Ko harajin da ke da igiya mai ƙarfi bai tsira daga wannan ba. Amurka ta kafa asusun manyan hanyoyi a 1956 a kan harajin man fetur. An tsayar da harajin a kan santi 18.4 a kowace galan tun 1993, motoci suka rage shan mai, kuɗin aikin hanya ya hau. Tun daga 2008 sai da aka riƙa ɗebo kuɗi daga baitulmali ana cike giɓin asusun. In harajin mai ya kasa bin sawun buƙatar hanya, ina ga ribar kamfani da buƙatar jami'a?

Suka ta uku ita ce keɓewa tana karkata hali. Tun da asusun gini yake yi, ba ya biyan albashi ko kuɗin wutar lantarki, akan sami sabon ɗakin gwaji babu ma'aikacin da zai kula da na'urorinsa, ko babban zaure babu kuɗin gyaran rufinsa. Shugaban makaranta yana iya sanin cewa abin da ya fi buƙata shi ne ƙarin malamai goma, amma kuɗin da ke hannunsa na bulo da siminti ne. Bugu da ƙari, tun da rabon shekara-shekara daidai wa daida ake yinsa tsakanin jami'o'i, mai ɗalibai dubu arba'in da mai dubu huɗu kason su ɗaya. Wannan yana kwaɗaitar da masu mulki su kafa sabuwar makaranta maimakon ƙarfafa tsohuwa, domin sabuwar za ta jawo nata kason. Kowace sabuwar jami'a kuwa ƙarin hannu ce a cikin akushin da bai ƙaru ba.

Suka ta huɗu ita ce yaɗuwa. Da zarar wani ɓangare ya sami nasa asusu, sai saura su nemi nasu. Bayan harajin ilimi, an ɗora wa kamfanoni wasu kuɗaɗen domin fasahar sadarwa, da kimiyya da ƙere-ƙere, da asusun 'yan sanda. Kowanne in aka dube shi shi kaɗai yana da hujja, amma in aka tara su, sai majalisa ta wayi gari abin da ya rage mata ta raba ya ƙanƙance. Gana ta ɗanɗana wannan. Ta kafa asusun ilimi na GETFund a shekarar 2000 a kan kashi 2.5 na harajin sayen kaya, ga wasu asusai da dama, har ta kai a 2017 aka yi dokar da ta ƙayyade cewa jimillar keɓaɓɓun kuɗaɗe kada ta wuce kashi 25 cikin 100 na harajin da aka tara.

Shin Turken Yana Riƙewa?

Masu goyon baya sukan yi magana kamar doka ta gama komai. Amma hannun da ya ɗaura shi ne yake kwancewa. Ingila ta kafa asusun hanya a 1920 a kan kuɗin lasin motoci, da alkawarin cewa hanya kaɗai za a yi da shi. A 1926 da 1927 Winston Churchill, yana ministan kuɗi, ya ɗebi kuɗi daga ciki domin cike giɓin kasafi, kuma daga 1937 aka mayar da kuɗin lasin cikin baitulmali baki ɗaya. A Nijeriya ma asusun rarar man fetur na PTF, wanda gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa a 1994, bai wuce 1999 ba.

Harajin ilimi shi ma ya fuskanci irin wannan gwaji. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin tarayya ta kai wa majalisa ƙudurin gyaran haraji wanda ya nemi haɗe ƙananan harajin nan wuri guda, a riƙa rage kason TETFund har ya ƙare a 2030, kuɗin ya koma asusun ba ɗalibai rance. ASUU da wasu da dama suka yi tsaye a kan ƙin amincewa. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda aka ajiye 1 ga Janairu 2026 ranar fara aikinta, ta kafa harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, ban da ƙanana. An ba TETFund rabi, asusun rancen ɗalibai kashi 15 cikin 100, sauran aka raba wa wasu hukumomi.

A koma ga kamfanin nan mai ribar miliyan 100. A sabon tsari zai biya miliyan 4. TETFund zai sami miliyan 2, ba miliyan 3 na dokar 2023 ba, asusun rance kuma naira dubu 600. Wato asusun ya tsira da ransa, amma ya koma kan kashi 2 da aka fara da shi a 1993. Darasin da ke nan shi ne ba rubutun doka ne ya kare harajin ba, mutanen da ke shirye su yi magana dominsa ne suka kare shi.

Matsayin Wannan Maƙala

In aka auna a kan ƙa'ida zalla, masu suka sun fi gaskiya. A ƙasar da majalisa ke raba kuɗi bisa buƙata, ake kuma sakin abin da aka rubuta a kan lokaci, babu dalilin ɗaure wani kuɗi a turke. Amma ba a yin hukunci a kan ƙasar da ake fata, a kan wadda ake ciki ake yi. Keɓewa magani ne na rashin amana, kamar yadda mai rumbu ya ware irinsa domin ya san halin gidansa. Harajin ilimi ya cancanci zama ba don shi ne tsari mafi kyau ba, sai don abin da zai maye gurbinsa shi ne kasafin da ya riga ya kasa a shekarun 1980. Da babu gara ba daɗi.

Sai dai wannan goyon baya yana da sharuɗɗa uku. Na farko, a toshe ƙofar musanya: kada wata makaranta ta karɓi kasonta sai mai ita ya nuna cewa abin da ya saki mata domin ayyuka bai gaza matsakaicin na shekaru uku da suka wuce ba, bayan an cire hauhawar farashi. Ya kamata a yi wannan da lura, domin dokar ilimin matakin farko ta 2004 ta sharɗanta wa jihohi kawo nasu kason kafin su karɓi na tarayya, kuma an sha ganin kuɗi yana zaune a asusu saboda jihohi sun kasa kawowa, hukuncin ya faɗa a kan yara. Saboda haka kuɗin ƙaro ilimin malamai da na bincike a bar su suna gudana, na gine-gine kaɗai za a riƙe.

Na biyu, a gyara ma'aunin rabo. Wani kaso a raba shi daidai wa daida domin ƙananan makarantu su rayu, sauran kuwa ya bi yawan ɗalibai da irin fannonin da ake koyarwa, domin horar da likita ya fi horar da mai nazarin harshe cin kayan aiki. Sabuwar makaranta kuma kada ta shiga rabo sai wanda ya kafa ta ya ɗauki nauyinta na wasu shekaru. Haka nan a yarda a kashe wani kaso wajen kula da abin da aka riga aka gina.

Na uku, a sa wa keɓewar wa'adin bita, alal misali duk shekara goma, inda za a baje lissafi a gaban majalisa da jama'a: nawa aka tara, nawa aka saki, nawa ya maƙale, mene ne ya canza a cikin aji. A shekarun yalwa kuma a riƙa ajiye wani abu domin shekarun ƙunci, tun da an san ribar kamfani ba ta da tabbas.

Kammalawa

Keɓaɓɓen haraji yana tabbatar da hanyar da kuɗi zai bi, amma ba ya tabbatar da yawan abin da zai isa, ba ya kuma hana wani ya janye nasa hannun daga ɗaya gefen. Mazauna jami'a su ne suka fi kowa cin moriyar harajin ilimi, saboda haka su ne suka fi kowa fuskantar jarabar kare shi ido rufe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin da ke kan malamai da ɗalibai shi ne bin diddigin lissafi, ba na asusun kaɗai ba, har da na gwamnatin da ta kafa makarantar. Duk lokacin da aka ƙaddamar da sabon gini mai allon TETFund, tambayar da ta dace ba ita ce nawa ya ci ba. Tambayar ita ce: a wannan shekara, nawa mai makarantar ya bayar daga nasa aljihun?